Rezistans uku, amma ba a tara su duka

Tambaya: Mushe, ina wuni? Ni ɗaliba ce a Tawa. A takardar aikinmu akwai batir na 12 V da R1 = 4 Ω, daga nan waya ta rabu biyu, R2 = 6 Ω da R3 = 3 Ω, ta sake haɗewa. Na tara su na samu 13 Ω, kuran 0,92 A, aka soke mini da jan alƙalami. Ina kuskurena?

Amsa: Lafiya lau, ƴata. Lissafinki bai ɓaci ba, zanen ne ba ki bi da yatsa ba. Tarawa tana aiki ne kawai idan rezistans suna jere, wato seri, kuran ɗaya na ratsa su bi da bi. Da zarar waya ta yi reshe, an shiga paralel.

Ki tuna ban ruwa a lambun albasa irin na Galmi. Idan aka buɗe magudana ta biyu kusa da ta farko, ruwa sauƙin wucewa ya samu. Haka R2 da R3 suke, don haka haɗinsu raguwa yake yi:

Rp = (6 × 3) / (6 + 3) = 2 Ω

Ga abin gwaji: amsar paralel dole ta gaza mafi ƙanƙanta a cikinsu. 2 bai kai 3 ba, to muna kan hanya. Yanzu ne za ki tara, domin R1 da Rp suna jere: 4 + 2 = 6 Ω. Dokar Ohm, U = R × I, ta ba mu I = 12 / 6 = 2 A. Shi ne kuran da ke fita daga batir, kuma dukansa yana ratsa R1.

A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, har da masu ƙoƙarin aji. Sai su ɗauki 12 V su raba da 6 Ω, wai kuran R2 ke nan. Ina! R1 ta riga ta ci rabonta: U1 = 4 × 2 = 8 V. Saura 4 V, kuma wannan 4 V ɗin ce ke kan R2 da R3 baki ɗaya, tunda bakinsu biyu a haɗe suke. Ke nan I2 = 4 / 6 = 0,67 A, I3 = 4 / 3 = 1,33 A. Ƙaramar rezistans ta kwashi ninki biyu na babbar. Ki tara su, 2 A za ki samu. In ba ta fito ba, ki koma baya.

Idan kuka haɗa shi a aji kuka auna, kada ki damu in kin ga 1,9 A. Batir ma yana da ƴar rezistans a cikinsa, takardar ce ta yi kamar babu ita.