Hukuncin kalmomin da ake sa wa a jadawalin azumi na masallaci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren kwamitin masallacin unguwarmu a Gusau. Mun samo jadawalin azumi da aka buga a Kano, muna so mu sa sunan masallacinmu mu raba. A cikinsa akwai layin imsaki, mun kuma ƙara cewa asham dole ne ga kowane magidanci, sannan a kawo zakka da sadaka don gyaran rufi. Liman ya ce a dakata sai an tambaya. Akwai laifi a wannan rubutu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka wa limaminku da alheri, domin takardar tana buƙatar gyara kafin ta fita.

Abu mafi haɗari shi ne lokutan da kuka aro. Gusau tana yamma da Kano, kuma rana tana faɗuwa a wurinku bayan ta faɗi a Kano da kimanin minti 7. Idan jadawalin ya ce magariba 6:35, wanda ya sa dabino a baki a wannan minti a Gusau ya sha ruwa da sauran rana. Hukuncinsa a mazhabar Malikiyya da wajen mafi yawan malamai shi ne ya rama wannan yini, ko da yake babu kaffara a kansa tunda bai yi da gangan ba. Amma ku da kuka raba takardar bayan kun sani, nauyin yana wuyanku. Ku nemi lissafin garinku, ku sa ladan ya gwada shi da faɗuwar rana na 'yan kwanaki a Sha'aban, sannan ku rubuta a sama da manyan baƙaƙe: "Wannan jadawali na Gusau da kewaye ne kawai." A ƙasansa ku ƙara cewa ranar ɗaukar azumi da ranar salla suna bin sanarwar ganin wata daga Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Imsaki kuwa, Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 187, a ci a sha har farin zare ya bayyana daga baƙin zare na alfijir. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce Bilal yana kiran salla ne da sauran dare, a ci gaba da ci da sha har Ibnu Ummi Maktum ya yi kira. Iyakar ke nan, ketowar alfijir. Don haka idan takarda ta ce imsaki 5:15, asuba 5:25, mutumin da ya makara ya farka 5:18 yana da damar shan ruwa da maganinsa. Abin da ke damuna shi ne tsoho ko mai shayarwa da za su wuni da ƙishirwa saboda sun ɗauka layin imsaki haramci ne. Malamai sun saɓa: wasu suna ganin layin ihtiyaɗi ne mai kyau, wasu suna ganin ƙari ne a addini. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne ku cire shi, ku rubuta "Ƙarshen sahur: fitowar alfijir." In jama'arku sun saba da shi, ku bar shi tare da bayanin cewa tunatarwa ce ta a kammala sahur.

Kalmar "dole" ba ta da wuri a kan asham, domin nafila ce mai ƙarfi, kuma Annabi (SAW) ya daina fitowa ya ja ta ne don tsoron kada a farlanta ta. Ku ce ana gayyatar jama'a. Ku kuma faɗi inda za a yi wutiri a goman ƙarshe, bayan asham ko bayan tahajjudi, saboda hadisi ya hana wutiri biyu a dare ɗaya.

Maganar kuɗi ita ce ba zan sassauta ba. Bai halatta a gyara rufin masallaci da zakka ba, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade masu karɓarta, kuma mazhabobi huɗu ba su sa ginin masallaci a cikinsu ba. Ku raba sanarwar gida biyu, asusu biyu, littafi biyu:

"Zakkar fidda kai: mudun Annabi 4 ga kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari. Za a fara karɓa ranar 28 ga Ramadan, a raba wa mabuƙata kafin sallar idi."

"Gudummawar gyaran rufi: sadaka ce ta ganin dama, ba ta sauke zakka."

Idan an riga an cakuɗa kuɗin, ku tambayi masu bayarwa niyyarsu. Wanda ba a samu ba kuma ana shakkar nasa, a miƙa kuɗinsa ga talakawa. Allah ne mafi sani.