Wane dillali zan zaɓa, mai sauƙin caji ko mai lasisi?

Tambaya: Malam, ina da dala 500 da nake son fara cinikin kuɗaɗen waje da su. Kamfanonin dillanci biyu ne a gabana: ɗaya ya ce ba ya karɓar kamasho kuma zai ninka mini abin da na zuba, ɗayan yana caji amma ya ce yana da lasisin Birtaniya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin maganar caji, buɗe takardar yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, ka duba sunan kamfanin da ke ciki da ƙasar da aka yi masa rajista. Manyan dillalai kan kafa rassa da yawa da suna iri ɗaya. Reshen Landan yana ƙarƙashin FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, amma mai buɗe asusu daga Najeriya sau da yawa reshen Seychelles ko Mauritius ake tura shi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan reshen Birtaniya ya durƙushe, tsarin diyya na FSCS yana biyan mai asusu har fam 85,000. A Cyprus, ƙarƙashin hukumar CySEC, iyakar Yuro 20,000 ce. Wanda aka rubuta a reshen Seychelles ko Mauritius ba shi da wannan kariyar, ko da tambarin FCA na manne a tallar. Durƙushewar dillali ta taɓa faruwa: ranar 15 ga Janairun 2015, Babban Bankin Switzerland ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin Yuro da kuɗinsa, kasuwa ta birkice, kamfanin dillanci na Alpari UK ya karye. A irin wannan ranar ne ake sanin amfanin lasisi. Don haka ka ɗauki lambar lasisin ka bincika a rajistar hukumar da kanka, ka ga ko suna da adireshi sun dace. A gida kuma, dokar zuba jari ta 2025 ta sa masu irin wannan harka neman rajistar SEC, hukumar kula da zuba jari ta Najeriya. Ka tambaye su tasu.

Tayin ninka kuɗi kuwa, ni alamar gargaɗi nake ɗaukarsa. Hukumomin Turai da Birtaniya sun hana jawo ƙananan 'yan kasuwa da irin wannan kyauta, kuma galibi tana zuwa da sharaɗin yin ciniki mai yawa kafin a cire kuɗi.

Yanzu lissafi. "Babu kamasho" ba ya nufin kyauta, domin dillali yana cin nasa a gibin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wanda manhajar ciniki ta MT5 ke nunawa da sunan Spread. A cinikin Yuro da dala, EUR/USD, a cikakken lot ɗaya, wato cinikin Yuro 100,000, kowane pip, wato ma'aunin motsin farashi, dala 10 ne. A ƙaddara na farko gibinsa pip 1.5 ne: dala 15 ke nan. Na biyu gibinsa 0.2 ne, da kamashon dala 7 na shiga da fita: dala 9. Da jarinka ba za ka wuce lot 0.1 ba, ko ma ƙasa, wato bambancin santi 60 ne a kowane ciniki.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne canji. A ce dillali ya karɓi nairarka a kan 1,600 kowace dala, ranar cirewa kuma, ba tare da kasuwa ta motsa ba, ya biya ka a kan 1,540. A dala 500 ka yi asarar naira 30,000, fiye da abin da rangwamen santi 60 zai tara maka a ciniki 30. Idan kuma asusun da babu ruwa a cikinsa za ka buɗe, ka tambayi abin da suke caji idan ciniki ya kwana da yawa, domin wasu suna mayar da ruwan ya zama kuɗin hidima bayan 'yan kwanaki.

Ingancin cika oda ba a gane shi a asusun gwaji. Zuba dala 50 a asusu na gaskiya, ka yi ƙananan ciniki da lot 0.01, kana rubuta farashin da ka danna da wanda aka cika maka. Zamewar farashi abu ne da aka saba, musamman lokacin fitar alƙaluman ayyukan yi na Amurka, amma ya kamata wani lokaci ta zo maka da riba. Idan kullum kai take cuta, ka nemi wani.

Bayan mako biyu sai ka nemi cire duk abin da ya rage, ta hanyar da ka zuba, zuwa asusu mai sunanka. Ka kammala tantance takardun shaidarka tun kafin zubi, don kada a fake da su. Ka ƙirga kwanakin, ka gwada da abin da suka alkawarta a rubuce. Duk wanda ya ce sai ka tura "haraji" ko kuɗin buɗe asusu kafin ya sake maka kuɗinka, kada ka ƙara masa ko kwabo. Sauran dala 450 su zauna a hannunka har sai kuɗin gwajin sun shigo bankinka.