Rumbun fassara jimla yake riƙewa, ba kalma ba

Tambaya: Malam, daga Auyo nake. Wata huɗu ke nan ina fassara littattafan noman shinkafa guda 12 da manhajar fassara ta OmegaT, na gama bakwai. Jiya mai aikin ya dawo min da su, wai a wani wuri na ce "maganin feshi", a wani "maganin ciyawa", ga kuma "maganin ƙwari", duk a kan abu ɗaya. Ni kuwa an ce min rumbun fassara ne ke daidaita kalmomi da kansa. Ina tsoron aikin ya suɓuce min.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, gyaran kwana biyu ne. Amma wanda ya faɗa miki wannan magana ya cuce ki, kuma kusan kullum sai na ci karo da ita daga bakin masu koyar da "fassara a kwana uku". Rumbun fassara jimla yake riƙewa tare da yadda kika fassara ta. Bai san kalma ba, bai san daidai ba. In kika zuba tsakuwa a rumbu ranar kaka, tsakuwar za ki ɗebo da bazara. Kin rubuta "maganin feshi" a littafi na biyu, to duk sanda jimla mai kama da ita ta dawo, shi zai miƙo miki. Wata sabuwar jimla ta zo da ba ta yi kama da komai ba, ya yi shiru, ke kuma ranar "maganin ciyawa" ne ya zo bakinki. Daga nan rumbun yana ɗauke da biyun, kowanne yana haihuwa.

Kason kamanceceniyar jimloli da yake nunawa ma ruɗi ne ga wanda bai sani ba. Kashi 100 na nufin jimlar Turancin ta yi daidai da wata ta baya, ba wai Hausar ta yi kyau ba. Ɗauki `Store it in a dry place`. A babin taki kin ce "A ajiye shi a busasshen wuri". A babin girbi shinkafa ake nufi, "ajiye ta" ya kamata, amma OmegaT zai cike gurbin da "shi" ba tare da ya tambaye ki ba, sai kin zaɓi `Create Alternative Translation`. Wannan da sauƙi. Mai kashi 90 da ɗoriya ya fi ba ni tsoro, domin bambancin kan zama lamba ɗaya ko kalmar hani ɗaya. Mutum ya gaji, cajin sola ya kusa ƙarewa, ya danna `Ctrl+R` ya saka tsohuwar fassarar da rumbun ya miƙo ya wuce, sai adadin da ke tsohuwar jimla ya shiga sabuwa. Manomi a fadama ba zai ga Turancin ba, abin da kika rubuta zai zuba a tankin feshi. Kuma a hakan wasu masu ba da aiki ke cewa ba za su biya kuɗin jimlar da ta maimaitu ba, wai injin ne ya yi. To wa zai duba "shi" da "ta"?

Abin da ke tsare kalma shi ne jerin keɓaɓɓun kalmomi. Ki buɗe `glossary.txt` da ke cikin foldar `glossary`, kowane layi kalmar asali, fassara, sai bayani, a raba su da `Tab`:

```
herbicide	maganin ciyawa	kada a ce maganin feshi
insecticide	maganin ƙwari
```

Ki tura wa mai aikin jerin ya amince a rubuce tun kafin ki taɓa komai, in ba haka ba wata mai zuwa zai sauya ra'ayi ya ce ke ce. Jerin nan tunatarwa kawai yake yi a gefen allo, ba ya tilasta ki, don haka idonki ya riƙa zuwa wurin.

Sai wanke rumbun. Da `Ctrl+F` ki nemi kalmar Turancin, ba ta Hausa ba, domin ki ga duk sunayen da kika ba ta a wuri guda, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki sauya "maganin feshi" duka a bugu ɗaya, domin wani wurin da gaske kowane irin maganin feshi ake nufi. In kina da tsohon fayil na TMX, wato fayil ɗin rumbun fassara, a cikin foldar `tm`, gyaran da kika yi ba ya shiga cikinsa, zai ci gaba da miƙo tsohuwar kalma har sai kin cire shi.

In kuma kin taɓa yin wani sashe a waya, ki nemi "kwari" mara lanƙwasa daban. A wurin manhajar, ƙwari da kwari ba su haɗa komai ba, haka ma a wurin manomin Auyo.