Gane filtar mai ta jabu

“Don Allah ’yan uwa, zan sayo filtar mai ta Corolla a Kofar Ruwa. Ta yaya zan gane jabu?”

Malam, kada kwali ya rude ka, yanzu masu yin jabu sun kware wajen buga shi. Duk da haka duba rubutun: na jabu yakan yi dishi-dishi, kuma lambar da ke jikin kwalin dole ta yi daidai da wadda aka buga a jikin filtar.

Ni farantin gindinta nake dubawa. Tafi da tsohuwarka ta asali ka jera su. Kirga ramukan, ka shafa zaren da ake daurawa da yatsa. Na asali sumul yake, na jabu kuwa da kaushi, wani lokaci har da burbushin karfe, wanda injin zai kwasa. Leka cikin ramukan, akwai robar da ke hana mai zurarewa idan an kashe mota. Na taba daura wadda robarta ba ta zauna daidai ba, kullum da safe fitilar mai sai ta dade kafin ta mutu, injin yana kara. Girgiza ta ma, in wani abu ya motsa a ciki, ajiye ta.