Katin ya ce Done, kaya kuma suna ɗakin ajiya a Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin ofishin aika kaya daga Jidda zuwa Kano, ni da yarana huɗu, muna bin ayyuka a manhajar Trello, inda kowane aiki ke da katinsa, da jeri huɗu: Open, In Progress, Blocked da Done. Makon jiya na duba waya na ga katin wata Hajiya a Done, na ce mata kayanta sun tafi, ashe suna nan ɗakin ajiya. In Progress kuwa kati 23 ne a ciki. Manhajar zan canza, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bar manhajar nan, ba ta da laifi. Ko manhajar Jira ka koma, ko ka buɗe Google Sheets, abin da zai biyo ka ke nan, domin kalmar Done ba ta san komai game da katon ba. Yaronka da ya ja katin yana nufin "na gama nawa", kai kuma ka karanta "kaya sun tashi". Kowannenku gaskiyarsa ya faɗa, Hajiya ce ta kwana a ciki.

Mu ɗauki kati ɗaya mu bi shi. A ce ranar Lahadi an kawo muku katon huɗu na Hajiya daga kasuwar Bab Sharif, abayoyi da dabino da turare. An rubuta kati, babu wanda ya ɗauka tukuna. Wannan shi ne Open: mun karɓi aikin, mun san da shi, amma ba ya hannun kowa. Ba shi da wata wahala, sai dai kada a sa sunan mutum a kai don a nuna kamar an fara.

Ranar Litinin wani yaro ya ɗauko kayan yana aunawa yana ɗaurewa. Sai ya danna Members ya sa sunansa, shi kaɗai, ya mayar da katin In Progress. Ma'anarsa ta gaskiya ita ce akwai mutum ɗaya da hannunsa ke kan aikin yau, ko jiya ya taɓa shi kuma yau zai ci gaba. "Ina da niyyar yi" ba ya shiga nan. Yi lissafi da kanka: ku biyar ne, kowa ya riƙe abu biyu, goma ke nan. Sauran goma sha ukun fa? Wasu an fara an ajiye, wasu sun maƙale an ji nauyin faɗa. Buɗe kowane kati ka duba tarihin motsinsa, Trello yana rubuta wanda ya matsar da shi da lokacin da ya yi. Duk wanda ya kwana uku ba motsi ba bayani, ka tambayi mai shi: me ka yi a kansa jiya? Idan babu amsa, ko dai ya koma Open a cire sunansa, ko ya tafi Blocked. Wannan dabara ta iyakance aikin da ke hannu daga tsarin kanban na masana'antar Toyota ta samo asali, kuma ba ta buƙatar komai sai ku yarda cewa ba mai ɗaukar na uku sai ya sauke ɗaya.

Yanzu ranar Talata. An kai kayan wurin wakilin jirgi, ya ƙi karɓar katon ɗaya saboda turaren fesawa da ke ciki. Turare mai sinadarin alkohol yana cikin kayan da ke iya kama wuta, ba a loda shi a jirgin sama kamar sauran kaya sai da shiri da takardu na musamman. Yaronka ba zai iya yanke hukunci ba, kai ma haka. Hajiya ce za ta ce a cire turaren sauran su wuce, ko a tura katon ɗin ta ruwa. To wannan ne Blocked: aikin ya tsaya, kuma abin da zai tayar da shi yana hannun wani, ba hannunmu ba.

A nan nake so ka tsaurara. Kati ba ya shiga Blocked sai da sharhi mai abu uku: me ake jira, daga wurin wa, kuma yaushe za a sake tuntuɓa. Misali: "Ana jiran Hajiya ta zaɓa, a cire turare ko a tura ta ruwa. Na kira ta Talata da azahar ba ta ɗauka ba, na bar saƙon murya. Zan sake kira Laraba da safe." Sannan a sa wannan ranar a Dates domin katin ya tuna muku da kansa. Sunan yaron ya zauna a kan katin, don shiga Blocked bai sauke masa nauyi ba, aikinsa ya koma bibiya. Idan kun zo sa rana ku tuna hutunku a nan Juma'a da Asabar ne, ofisoshin Najeriya kuma Asabar da Lahadi, ga agogonku yana gaban na Kano da awa biyu. Takardar da ka fara jira daga can ranar Alhamis da yamma tana iya kai ka Litinin.

Abin da ba Blocked ba kuma: "aiki ya yi mini yawa", "motar ofis na wurin wani sai la'asar", "ban san yadda ake cike fom ɗin ba". Waɗannan a cikin gida ake warware su. Na taɓa aiki a wani wuri da shugaba ke yi wa duk wanda ya sa Blocked faɗa a gaban mutane. Cikin wata guda jerin ya zama fayau, kowa ya ɓoye matsalarsa a In Progress. Idan naka jerin kullum babu kowa a ciki, kada ka yi murna, ka bincika ko tsoronka suke ji.

Saura Done, inda aka ji maka ciwo. Duba sunan katin tukuna. Idan "Kayan Hajiya" kawai aka rubuta, kowa zai fassara gamawa yadda ya ga dama: mai ɗauri ya gama da ya ɗaure, direba ya gama da ya sauke. Rubuta shi da ƙarshensa a ciki: "Katon 4 na Hajiya su isa hannun ɗanta a Kano." Da wannan suna, ɗaurewa ba Done ba ce, miƙa wa jirgi ma ba ita ba ce. Masu aiki da tsarin Scrum suna da abin da suke kira Definition of Done, wato sharuɗɗan da aka rubuta tun farko aka yarda da su. Naku ya zama Checklist a kan kowane kati: an auna an ɗaure, an miƙa wa jirgi an rubuta lambar takardar kaya mai lambobi 11, wakilin Kano ya karɓa, wanda aka aika wa kayan ya karɓa da hoto ko saƙonsa a maƙale. Sai huɗun sun cika katin ya shiga Done, kuma ina ba da shawarar mutum ɗaya ne zai riƙa matsarwa bayan ya ga shaida, ba wanda ya yi aikin ba.

Za ka lura akwai kwanakin da kaya ke sama ko suna filin jirgin Malam Aminu Kano ana jiran fitarwa. Ba wanda ke aiki a kansu a ofishinka, kuma ba su maƙale ba, tafiyarsu suke yi. Jerinka huɗu ba su da wurin wannan, shi ya sa yara ke jefa su Done. Ƙara jeri na biyar ka sa masa suna "A hanya", da ranar da ake sa ran isa. Idan ranar ta wuce ba labari, sai ya koma Blocked da sharhinsa. Wanda mai kaya ya fasa kuwa, a rubuta dalili a danna Archive, kada ya shiga Done ya ɓata maka lissafin kayan da suka isa a ƙarshen wata.

Gobe da safe, kafin a fara ɗauri, ku zauna ku biyar da wayoyinku ku fara da jerin Done na makon nan. Duk katin da ba shi da shaidar karɓa a mayar da shi inda kayan suke a zahiri, sannan ku bi ashirin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Rabin awa ya ishe ku.