Me ya sa iska ke turje wa jirgi tun bai kai saurin sauti ba?

Tambaya: "Na karanta cewa jirgin fasinja ba ya wuce Mach 0.85. Tunda bai kai saurin sauti ba, me ke hana shi ƙarawa?"

Malam, amsar tana bisa doron fiffike. Lambar Mach ita ce gudun jirgi a raba da saurin sauti a inda yake. A tsayin mita 11,000, saboda tsananin sanyi, sauti na tafiya kusan kilomita 1,060 a awa, wato Mach 0.85 ya kama kilomita 900.

Sai dai iskar da ke bin lanƙwasar saman fiffike ta fi jirgin kansa gudu. A ce jirgi na kan 0.75, iskar wani ɗan wuri a doron tana iya kai 1.0 cif. Gudun jirgin a wannan lokacin shi ake kira lambar Mach ta haddi.

Da an ɗan zarce haddin, iskar wurin ta wuce sauti, kuma dole ta dawo ƙasa da shi kafin bayan fiffike. Ba ta saukowa a hankali. Burki take ci lokaci guda, a wani siririn layi inda matsi da zafi ke tashi farat ɗaya. Wannan ce igiyar girgiza. Abin da ya fi damuna shi ne bayanta: iskar da ke manne da fiffike ta ɓalle ta hargitse, turjiya ta yi tashin gwauron zabi, jirgi ya riƙa shan mai da yawa. Matuƙi zai ji jirgi na kakkarwa, hancinsa na rinjaya ƙasa.

Shi ya sa ake karkata fikafikai baya, a kuma sirantar da su, don a jinkirta haddin.