Hatimin sufirefe ba ya tabbatar da digiri

Tambaya: Ina da makarantar kuɗi a Garwa, ƙasar Kamaru, kuma zan ɗauki malamin Turanci. Wani ɗan Najeriya ya kawo mini digirinsa na jami'a da takardar kammala bautar ƙasa, kwafin duka da hatimin hukuma. Shin wannan ya isa, ko akwai wata hanyar da zan bi in tabbatar?

Amsa: Hajiya, hatimin bai isa ba. Idan mutum ya kai takarda ofishin sufirefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, aka buga mata hatimi, abin da jami'in ya shaida shi ne kwafin ya yi daidai da takardar da aka nuna masa, amma bai duba rajistar kowace jami'a ba, don haka takardar jabu ma tana iya fitowa da hatimi na gaskiya. Wanda ya bayar da takarda ne kaɗai zai iya cewa tasa ce.

Ki fara da digirin. Ki nemi malamin ya rubuta miki amincewarsa, sannan ki aika wasiƙa a kan takardar makarantarki zuwa ga magatakardar jami'ar, haɗe da kwafin digirin, da cikakken suna, da lambar ɗalibta, da sashen da ya yi karatu, da shekarar kammalawa. A can za a gwada bayanan da jerin waɗanda majalisar malaman jami'ar ta amince sun kammala a wannan shekarar. Galibi ana biyan kuɗi, kuma amsa kan ɗauki makonni. Abin da na fi ja wa masu ɗaukar ma'aikata kunne a kansa shi ne hanyar da amsar za ta biyo. Ki samo adireshin daga shafin jami'ar da kanki, kada ki kira lambar wayar da mai neman aikin ya ba ki, kuma kada ki karɓi amsa daga hannunsa ko da a rufe take, domin wanda ya iya ƙirƙiro digiri zai iya ƙirƙiro wasiƙar da ke tabbatar da shi.

Takardar bautar ƙasa kuwa ba jami'a ce ke bayar da ita ba, hukumar NYSC ce, wadda aka kafa a 1973, kuma hedkwatarta tana Abuja. Ana rubuta wa babban daraktanta ne, a haɗa da kwafin takardar, a biya kuɗin tantancewa. Takardun iri uku ne: ta wanda ya yi shekara guda yana hidima, da ta wanda aka ɗauke wa, kamar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala, da wasiƙar da ake bai wa waɗanda suka yi karatun da ba na cikakken lokaci ba.

Kafin amsa ta iso, ki jera takardun ki kwatanta shekaru. A ɗauka an haifi malamin a 1994, digirinsa ya nuna ya kammala a 2018, kuma ya ce lambar jiha da NYSC ta ba shi ta fara da `AD/19B`. Wannan yana nufin an tura shi jihar Adamawa a rukuni na biyu na 2019, saboda haka ya kamata takardar kammalawarsa ta nuna 2020. Lissafin ya tafi daidai. Amma idan digirin ya ce 2021 alhali hidimar ta 2019 ce, to ɗaya daga cikin takardun tana da matsala, tunda sai an kammala karatu ake tura mutum. Haka kuma idan ya kawo takardar ɗaukewa ya ce saboda shekaru ne, alhali yana da shekara 24 lokacin da ya gama, sai ya yi miki bayani. Bambancin rubutun suna shi kaɗai, kamar Mohammed da Muhammadu, bai kai a yanke hukunci ba. Ki sa duka rubutun biyu a wasiƙarki.

Kada kuma ki ce tunda hukumar bautar ƙasa ta karɓe shi, digirin ya tabbata. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya bayyana yadda ya sayi digiri daga Kwatano ta jamhuriyar Benin cikin makonni shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Kowace takarda a tambayi mai ita daban.

Saura mataki guda da ya shafe mu a nan Kamaru. Ko da jami'ar ta tabbatar, digirin waje yana buƙatar takardar daidaito daga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke Yawunde, wadda ke fayyace matsayinsa idan aka gwada shi da lisans ɗinmu. Ki tambaye shi ko yana da ita, ko shaidar cewa ya nema. Idan kuma komawa makaranta ta matso kafin amsoshin su zo, ki rubuta a yarjejeniyar aikin cewa ɗaukarsa ta dogara ne da sakamakon tantancewar, ku duka biyu ku sa hannu.